Ina son a raba ni da ogana, amma ban san me zan rubuta wa ofishin kula da ma'aikata ba

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri kan shawarwarin da kike ba mutane a wannan fili. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani kamfani, aikina duba takardun biyan 'yan kwangila kafin a fitar musu da kuɗi. Na yanke shawarar rubuta wa ofishin kula da ma'aikata in nemi a mayar da ni wani sashe, saboda shugaban da nake ƙarƙashinsa ya sa min karan tsana. Neman canjin kam na gama yanke shi a raina. Abin da ya tsaya min shi ne yadda zan tsara wasiƙar, domin da zarar ta shiga fayil ɗina ba ta fita, kuma duk wanda zai duba batun ƙarin girmana nan gaba sai ya karanta ta.

Ga asalin maganar. A ƙa'idarmu ba a biyan ɗan kwangila sai takardu uku sun haɗu: takardar odar kayan, takardar neman biya daga wurinsa, da takardar shaidar cewa kayan sun shigo sito. Wata rana oga ya ce in wuce da wani biya alhali ta ukun ba ta zo ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, to a rubuta min umarnin a jikin takardar a sa hannu." Ya ƙi. Daga ranar komai ya canza. Da ɗan kwangilar ya yi ƙorafin jinkiri, ni aka ba takardar tuhuma cewa ina riƙe aiki. Na amsa a rubuce, na haɗa da kwafin rajistar sito mai nuna ranar da kayan suka iso, amma har yau ba a ce min an wanke ni ba, ba a kuma janye tuhumar ba. Tun daga nan sai tsawa a gaban ƙananan ma'aikata, sai a yi taron sashe ba a sanar da ni ba, sai a ajiye min tarin takardu dab da tashi a ce da safe ake so. Hutuna na shekara ma ya ƙi sa masa hannu, ba tare da ya faɗi dalili ba. Yanzu ko sallamarsa na ji a baranda sai gabana ya faɗi, barci kuma ya fara yi min wuya.

Na rubuta wasiƙa iri biyu, na rasa wadda zan miƙa.

Ta farkon ba ta ambaci oga ko kaɗan ba. Na ce ina neman a mayar da ni sashen binciken kuɗi na cikin gida domin in ƙaro ƙwarewa, na kawo takardar shaidar karatun da na yi a fannin, na nuna akwai gurbin da aka tallata a can. Amfaninta shi ne ba ta tayar da ƙura. Illarta kuwa, littafin ƙa'idojin aikinmu ya ce irin wannan buƙata sai ta bi ta hannun shugaban sashe ya rubuta ra'ayinsa. Kin ga kenan shi zan miƙa wa. Kalma ɗaya zai rubuta, cewa sashen ba zai iya sakina yanzu ba, magana ta mutu. Kuma in daga baya na fito da ƙorafi, za a ce ai da aka ƙi ba ni canji ne na ƙirƙiro shi, tunda ga wasiƙata ban ce akwai matsala ba.

Ta biyun ta faɗi gaskiya, kuma kai tsaye za ta tafi ofishin kula da ma'aikata, domin littafin ya yarda a tsallake shugaba idan shi ake ƙorafi a kansa. Na cire duk kalmomin ɓacin rai da na fara zubawa, irin su azzalumi da mugu, na bar abin da ya faru kawai. Zuciyarta ita ce wannan:

"Ina neman a mayar da ni wani sashe, a matakin albashina na yanzu. Dalilina shi ne dangantakar aiki tsakanina da shugaban sashena ta lalace har tana shafar aikina da lafiyata. Na haɗa jerin abubuwan da suka faru, kowanne da ranarsa da waɗanda suke wurin, tare da kwafin takardar tuhumar da amsata. Ina roƙon kada shi kaɗai ya auna ƙwazona na bana, kuma a shirye nake in miƙa aikin hannuna cikin tsari ga duk wanda aka zaɓa."

Wata abokiyar aikina da ta daɗe a kamfanin ta ja min kunne a kanta. Ta ce in tuna ofishin nan kamfani yake karewa, ba lauyana ba ne, kuma muddin na ambaci cin zarafi dole su buɗe bincike su ji ta bakin oga, don haka ba wani sirri da zai ɓoyu. Kafin a gama binciken kuma ina nan a ƙarƙashinsa, ga lokacin auna ƙwazon ma'aikata ya matso. Gaba kura baya sayaki kenan, Anti. Wakilin ƙungiyar ma'aikatanmu kuma ya ce kada in ji tsoro, ya karanta min yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2019, wadda ta sa halayen da ke cutar da tunanin ma'aikaci ko abincinsa cikin cin zarafi a wurin aiki, ba duka da zagi kaɗai ba. Na ji daɗin sanin haka, sai dai ni ba hukunta shi nake nema ba. So nake kawai in yi aikina ba tare da fargaba ba.

Akwai abin da ya fi damuna. Batun biyan nan da na ƙi yi shi ne tushen komai, amma ba ni da shaidar umarnin, da baki ya faɗa, mu biyu ne a ofis. In na sa shi a wasiƙar, kamar na zarge shi da almundahana ne, abin da ba zan iya tabbatarwa ba, kuma yana iya juyowa kaina. In na cire shi, sauran abubuwan sai su zama kamar ƙorafin wadda ba ta jure faɗan oga. Shin ya isa in rubuta cewa na nemi umarni a rubuce ba a ba ni ba, in tsaya nan ban fassara niyyarsa ba? Sannan mutum biyun da suka ga yadda yake min tsawa har yanzu suna ƙarƙashinsa. Ya dace in sa sunayensu kafin in nemi izininsu? Raina bai ba ni in jefa su cikin abin da nake gudu ba.

Na riga na shirya zan kai wasiƙar da hannuna, a buga min hatimin karɓa a kwafina in ajiye a gida. Abin da nake roƙo ki duba min shi ne wacce zan kai a cikin biyun, kuma in kai ta kafin a cike takardar auna ƙwazon ko in jira bayanta. In sun ce sai dai a zaunar da mu sulhu ni da shi, in amince, ko in tsaya a kan canjin?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ƙanwarki,
Wata ma'aikaciya