Godiya ga Ofishin Tallafin Karatu na Jami'armu

Assalamu alaikum, Shugaba da dukkan ma'aikata.

Alhamdu lillahi, an ba ni tallafin karatun digiri na biyu, wanda zai ɗauki nauyin kuɗin makaranta da na masauki. Wannan wasiƙa ita ce sanarwata, amma ba ita na fara rubutawa ba.

Ta farkon ta buɗe ne da "Cikin ɗimbin masu nema, ni aka zaɓa." Na sa adadin kuɗin, na haɗa da hoton takardar da aka aiko mini. Da na nuna wa Malamar da ke duba takardunmu a ofishinku, sai ta miƙo mini biro, ta ce in ja layi a duk inda na rubuta "ni" ko "na yi". Sau 11 na ja, a rubutun da bai wuce layi 8 ba.

Ta ce, "'Yata, waɗanda suka nema ba su samu ba ma za su karanta wannan, wasunsu kuwa ajinku ɗaya." Nan take na goge maganar yawan masu nema, na goge adadin kuɗin. Hoton ma ta ce in cire shi, domin lambar nemana da adireshina suna jiki.

Sai na koma ɗaya gefen, na rubuta "ban cancanta ba, sa'a ce kawai." Wannan ma ta hana. A cewarta, faɗin haka tamkar cewa ne kwamitin tantancewa bai san aikinsa ba, kuma mai karatu yana gane tawali'un da aka yi don a yaba. Abin da ta so shi ne in faɗi abin da na samu a jimla ɗaya, sauran wurin in bar wa waɗanda suka yi ɗawainiya, kowa da takamaiman abin da ya yi. Har yau ina jin wannan gyara ya fi duk sauran amfani a gare ni.

To, ga su. Malama, kin karanta bayanin da na rubuta game da kaina har sau 3, kina cire kwalliya kina tambayar hujja. Jami'in da ya bi mini takardar sakamako ofis-ofis har aka buga hatimi ana saura kwana 2 a rufe karɓar fom, na gode. Malamaina biyu da suka rubuta mini wasiƙar shaida sun ce kada in ambaci sunansu, na kuwa kiyaye. Malama ce ta tuna mini in fara neman izininsu. Mahaifana, ku kuka riƙe ni da addu'a da haƙuri tun kafin a zo ga cike fom.

Allah ya saka muku da alheri, ya kuma buɗa wa 'yan'uwana da za su sake nema baɗi.

Ɗalibarku mai godiya.