Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Fansho: a ƙirga masu zubi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne kan lissafin da ake kawo maka tebur na yawan tsofaffi a kan masu jini a jika. Yadda aka saba yin sa, ana ƙirga masu shekara 65 zuwa sama, a raba da yawan masu shekara 15 zuwa 64. Lissafin daidai ne, sai dai shekaru yake ƙirgawa, asusun fansho kuwa bai san shekaru ba, wanda ya zuba kuɗi a ƙarshen wata kawai ya sani.

A tsarin da ake biyan 'yan fansho daga zubin ma'aikatan yau, a ɗauka mutum 100 na cikin shekarun aiki, wasu 25 sun yi ritaya, kowane na karɓar rabin albashi. Kashi 12.5 cikin ɗari za a cire daga albashin kowane ma'aikaci, lissafi ya tashi. To amma cikin ɗarin nan akwai ɗalibai, da marasa aiki, da masu sana'ar da ba a yi mata rajista ba, da wadda ta ajiye aiki don jinyar mahaifiyarta. Idan 70 ne kaɗai ke zubi, nauyin ya koma kusan kashi 18, alhali a takarda babu abin da ya motsa. Ranar da 'yan fanshon suka kai 50 kuwa, ya haura kashi 35.

Jamus ta ga wannan da idonta. A 1962 masu zubi shida ne ke ɗauke da ɗan fansho ɗaya, yau kusan biyu ne. Shi ya sa take ɗaga shekarun ritaya a hankali zuwa 67, kuma duk shekara sai gwamnati ta cike giɓin asusun daga kuɗin haraji. Hanyoyin ba su da yawa: a ƙara zubi, a rage fansho, a jinkirta ritaya, ko a samo ƙarin masu aiki. Ɗaga shekarun ya fi sauƙi a takarda, amma birkilan da gwiwarsa ta gaji ba zai kai inda ma'aikacin ofis zai kai ba.

Ta fuskar lafiya ma, haɗa ɗan 66 da ɗan 86 a layi ɗaya kuskure ne. Na farko sau da yawa maganin hawan jini ya ishe shi. Na biyu yana iya buƙatar mai ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci, shekara da shekaru. Japan ta ware wa irin wannan kulawa inshora ta daban tun 2000, kowa na fara biya da ya cika 40. Masu jinyar nan kuma daga cikin ma'aikatan da ke raguwa za a samo su.

Roƙona, ranka ya daɗe, duk shekara ma'aikatarka ta riƙa fitar da alƙaluma biyu kafin a zauna kan kasafi: masu zubi nawa ke kan kowane ɗan fansho, kuma mutum nawa suka haura 80.

Na gode.

Wani tsohon akanta