Zuwa ga Ummi, kan jadawalin da kika yaga

Assalamu alaikum. Ummi, ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da yaran gidan. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mamanki da ta motsa da sanyin nan, amma da sauƙi.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Shekaranjiya Gwaggonki ta kira ni, ta ce ta shiga ɗakinki da safe ta tarar kin ɓalle jadawalin karatunki na jarrabawar JAMB daga bango kin yaga shi, idonki a kumbure, tuwon dare yana nan a rufe yadda aka ajiye miki. Kada ki ji haushinta, ni na ɗora mata wannan amanar tun ranar da na kai ki Zariya. Ta haɗa takardar ta ɗauki hotonta ta turo mini, na sa tabarau na zauna da ita har bayan isha'i.

Ga abin da na gani. Darussa 12 kowane mako, uku-uku a Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Karatu daga bayan asuba, sannan lesin, sannan wani karatun har ƙarfe ɗaya na dare, ba ranar hutu ko guda. Makonni huɗu a jere kowane gida da alamarsa ta jan biro, wato an gama. Sai ga gwajin da aka yi muku a lesin, kin ci 14 cikin 40 a Kemistiri. Na san abin da zuciyarki ta raya miki a daren nan: na yi komai, ban iya ba, ashe kan ne babu. Ba haka ba ne. Jan biron nan abin da yake shaida kawai shi ne idonki ya bi ta kan shafukan. Bai taɓa tambayar ki ko abin ya zauna ba.

Na san wannan ciwon domin na yi shi. Shekarata ta biyu da fara koyarwa, kowace Juma'a muna cike littafin aikin mako, shugaban makaranta ya sa hannu ranar Litinin. Ina jin kunyar a ga ina baya, sai in rubuta na koyar da abin da na taɓa shi sama-sama minti goma kafin a buga ƙararrawa. Littafina ya fi na kowa kyau. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, yarana suka zube a daidai wuraren da na yi wa rufa-rufa, ɗaya bayan ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Har yau ina tuna fuskokin wasu daga cikin yaran nan, kuma hakkinsu ne ya sa nake rubuta miki wannan da tsawo.

Ki ware rabin awa kowace Asabar bayan la'asar. Ba lokacin karatu ba ne, lokacin awo ne. Ki sami littafi guda na wannan aikin kaɗai, ki raba shafi gida uku: abin da kika yi niyya, abin da kika yi, da makin da kika ci. Gida na ukun shi ne alƙali. Kafin zaman, ki ɗebo tambayoyi 20 na shekarun baya daga darussan da kika karanta a makon, waɗanda ba ki taɓa ganin amsarsu ba, ki rufe littafi, ki sa agogo. Kin san lissafin JAMB: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Idan kika raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. To tambayoyi 20 ki ba su minti 13 ko 14, agogo na bugawa ki ɗaga biro ko kina tsakiyar lissafi.

Akwai wurin da mutum yake cutar kansa ba da niyya ba. Kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta, don haka ko wanda bai taɓa buɗe littafin ba, idan ya yi canki-canka, zai iya tashi da kamar 5 cikin 20. Saboda haka duk tambayar da kika amsa ba da tabbaci ba, ki ɗiga mata ɗigo a gefe tun kafin ki duba amsa. Idan kika ci 13, amma 4 daga ciki masu ɗigo ne, ki rubuta 9 a littafinki. A zauren jarrabawa ki cika kowace tambaya, kada ki bar gurbi. A littafin Asabar kuwa sa'a ba ta da gida.

Sannan ki koma kan waɗanda kika faɗi, domin faɗuwa ba iri ɗaya ba ce. Wata ba ki taɓa sanin abin ba, maganinta a koma a koya. Wata kin sani ya gudu, maganinta bita. Wata kuma gaggawa ce kawai. A bayan takardar da kika yaga na ga wani lissafi da rubutunki: giram 4 na NaOH a cikin 250 cm³, ana neman ƙarfin ruwan. Kin raba 4 da 40 kin sami mol 0.1, daidai. Sai kika raba da 250 kai tsaye, ba ki mayar da shi 0.25 dm³ ba, amsar da ya kamata ta fito 0.4 ta ɓace miki. Yarinyar da ta kai matakin farko ta san darasin. Da kin lissafa wannan cikin "ban iya Kemistiri ba", da kin ɓata kwana uku kina sake karanta babin da kin riga kin iya, alhali abin da yake buƙata tambayoyi goma ne irinsa, kina ja wa ma'auni layi kafin ki fara.

Kada kuma maki ɗaya ya tsorata ki. Tambayoyi 20 kaɗan ne, 12 wannan makon da 10 mako mai zuwa ba koma-baya ba ne, wataƙila tambayoyin ne suka fi tsauri. Sai kin jera makonni uku sannan za ki ga inda aka nufa.

Yanzu batun rage buri, wanda na san shi ne ba kya son ji. Daga yau darasi bai zama gamamme ba sai kin ci kamar bakwai cikin goma na tambayoyinsa, littafi a rufe. Da wannan mudun, ina kyautata zaton 12 ɗin nan za su dawo 6 ko 7 ko 8. A ce makonni uku sun ba ki 7 da 6 da 8. To 7 ne tafiyarki, ki rubuta 7 a mako na gaba. Biyar ɗin da suka rage kada ki ɗora su a kan wasu 12 su zama 17, domin haka bashi yake taruwa har mutum ya ji tsoron kallon bango. Su koma cikin jerin manhaja, su jira layinsu.

Mu ƙaddara makonni 16 suka rage. Uku sun tafi wajen awo, biyu na ƙarshe na bita ne zalla, saura 11. Sau 7, darussa 77 kenan. Idan jerinki ya nuna saura 95, akwai 18 da ba za su samu cikakken zama ba. Ki zaɓe su da kanki yanzu, da rana tsaka: ki duba tambayoyin shekaru biyar ko shida, darussan da ba su cika fitowa ba su ne za ki yi wa karatun sama-sama a ƙarshe. In ba ki zaɓa ba, lokaci zai zaɓar miki, kuma shi ba ya duba wanne ya fi maki. Kowace Asabar abu ɗaya tak za ki canza, don ki gane ko shi ne ya yi aiki. Na wannan makon ni na zaɓar miki: fitila ta mutu ƙarfe goma sha ɗaya. Juma'a kuma ki bar ta fili, in wani abu ya zame a tsakiyar mako ya sami inda zai faɗa, in bai zame ba ki huta.

Duk wannan lissafi ne, Ummi, kuma ba shi ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne shirunki. Ranar Lahadi mun yi waya, na tambaye ki karatu, kika ce lafiya lau Baba, komai na tafiya daidai. Ashe a lokacin takardar gwajin tana cikin jakarki. Haka kika yi mana bara. Wata uku kina cewa lafiya lau, har ranar da saƙon sakamakon jarrabawar ya shigo wayar, sannan abin da ya biyo baya, wanda ni da mamanki ba ma son tunawa. Kin san dare nawa ta kwana a zaune a bakin gadonki? Ba zan iya sake ganin wannan ba. Maki 14 bai ba ni tsoro ba ko kaɗan, na ga dubunsa a aji. Kwanon tuwon da ba a buɗe ba shi ya tayar mini da hankali. Me ya sa za ki ɓoye mini? Ni dodo ne? Yarinyar da ke son zama likita, ta ɗauki awon jinin marar lafiya ta rubuta abin da zai faranta wa danginsa rai, ai ta kashe shi. Ki daina yi wa kanki haka, ki daina yi mini.

Na san ina da hannu a ciki. Maganar da na faɗa a tsakar gida ranar nan, ban manta ba, kuma na san ke ma ba ki manta ba. Na faɗe ta ne cikin zafin kuɗin rajista da na lesin da na san yadda aka haɗa su, kuma mu haka aka tashe mu, ba a lallashi a kan karatu. Amma ba daidai ba ce, kuma da ana mayar da magana ciki da na mayar. Sunan mahaifiyata gare ki. Ban kai ki Zariya don ki dawo mini da lamba a madadin lafiyarki ba.

Ga abin da nake so. Asabar mai zuwa, bayan kin gama zamanki, ki kira ni ki karanta mini gidaje ukun nan yadda suke, ko da 5 ne cikin 20. Na yi miki alkawari ba za ki ji faɗa ba, tambaya ɗaya zan yi, wane iri ne a cikin faɗuwar ya fi yawa, sai mu gyara na mako mai zuwa tare. In kuma kin ji nauyina, ki fara gaya wa Gwaggonki.

Direban da zai kawo wannan yana ɗauke da sabon littafi mai bango mai kauri, na riga na ja miki layukan shafin farko da rula. Akwai dakakken yaji da man shanu daga mamanki, ta ce rabin man na Gwaggo ne. Ki ci abinci. Allah ya yi miki albarka.

Babanki