Shin in dogara da jerin sharuɗɗa wajen kare shirina daga rabawa da sifili?

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ina bibiyar filinka na amsa tambayoyin kwamfuta, shi ya sa na kawo maka wata taƙaddama da ta shiga tsakanina da wani babba a wurin aikinmu. Muna rubuta manhajar lissafin sakamakon ɗalibai da Python, kuma a kan layi ɗaya muka saɓa:

```python
if adadi > 0 and jimla / adadi >= 50:
    print("ya ci")
```

`jimla` ita ce makin ɗalibi gaba ɗaya, `adadi` kuma yawan jarrabawar da ya zauna. Mai maki 180 a jarrabawa 3 matsakaicinsa 60 ne, sharuɗɗan biyu sun cika, ya ci. Mai 120 a jarrabawa 3 yana da 40, na farko ya cika, na biyu bai cika ba, don haka `and` ta ba da `False`. Rigimar tana kan wanda bai zauna ko ɗaya ba. A wurinsa `adadi > 0` ƙarya ne, kuma tunda `and` ba ta zama gaskiya sai ɓangarorin biyu sun zama gaskiya, Python tana tsayawa nan, ba ta ko leƙa ɓangaren dama. Rabawa da sifili ba ta faruwa. Amma da za a juya layin, rabawar ta zo farko, shirin zai tsaya cak da `ZeroDivisionError`.

Shi babban namu cewa yake wannan tarko ne. A lissafin da George Boole ya shimfiɗa a 1854, "A da B" daidai yake da "B da A", saboda haka duk wanda ya zo gyara gobe zai iya sauya musu wuri da zuciya ɗaya, kuma gwaji ba zai kama shi ba sai ranar da aka samu ɗalibin da bai zauna jarrabawa ko ɗaya ba. Yana so in raba layin gida biyu, `if` a cikin `if`. Ni kuwa ina ganin ba sa'a nake bi ba. Ƙa'idar Python ce a fara daga hagu, a tsaya da zarar amsa ta tabbata, haka ma `&&` take a C da Java. Duk mai karanta shiri ya kamata ya san wannan. Sai dai ya kawo hujjar da ta tsaya mini a rai: a Visual Basic `And` tana auna ɓangarorin biyu, sai an rubuta `AndAlso` take tsayawa, kuma a SQL babu tabbacin wane sharaɗi za a fara aunawa a cikin `WHERE`. Mu kuwa muna shirin mayar da wani sashe na lissafin nan cikin rumbun bayanai.

Abin da ya fi damuna ma shi ne jerin waɗanda suka faɗi. An ce a sa `not` a gaban sharaɗin duka, shi ke nan. Bisa dokar De Morgan, idan `not` ta shiga baka, `and` tana komawa `or`, kowane ɓangare kuma ya juye:

```python
if adadi <= 0 or jimla / adadi < 50:
    print("ya fadi")
```

Kariyar tana nan, domin `or` ita ma tana tsayawa da zarar hagu ya zama gaskiya. Lissafin ba shi da aibi ko kaɗan. To amma yanzu yaron da bai zauna jarrabawa ba, wataƙila rashin lafiya ce ta hana shi, sunansa ya fito cikin waɗanda suka faɗi, kuma babu wani saƙon kuskure da zai faɗakar da kowa. Wannan ya fi mini muni a kan shirin da ya tsaya, domin wanda ya tsaya an gan shi. A ganina halin ɗalibi uku ne, ya ci, ya faɗi, ko bai zauna ba, mu kuma muna ƙoƙarin cusa su cikin `True` da `False`.

Malam, shawararka nake nema. Shin in bar layin farko yadda yake, in sa masa ɗan bayani a sama cewa kada a juya shi, ko in bi maganar babbanmu? Ni hankalina ya fi kwanciya da a fara cire `adadi == 0` a reshensa daban, sannan `elif` ta raba ci da faɗuwa, don ta haka maganar jeri ma ba za ta taso ba. Idan kuma muka koma SQL, `NULLIF(adadi, 0)` za ta wadatar, ganin cewa sakamakon zai zama `NULL` kuma ɗalibin ba zai fito a jerin masu ci ko na masu faɗuwa ba, ko gara a rubuta `CASE` a fili? Sannan ta yaya zan gabatar masa da wannan cikin ladabi, tunda ya girme ni a aikin kuma shi ke amincewa da duk abin da na rubuta?

Allah ya ƙara basira.

Naka mai bibiyar filin a kullum.