Likita, sau ɗaya aka ce ko sau uku a rana?

Assalamu alaikum Likita. Ina yi maka fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Ni mai sauraron shirinka ce daga Kano. Don Allah kada a karanta sunana a rediyo, domin mutanen gidanmu ma suna ji, kuma in suka gane ni ce, sai abin da Allah ya yi.

Yanzu haka da nake rubutu babbar 'yata tana kwance tana amai, kwalbar magani tana cikin jakata na ɓoye, baban yara kuma ba ya amsa gaisuwata. Amma bari in fara da ƙaramin, don a kansa rigimar ta samo asali.

Watansa goma sha ɗaya. Amai ya kama shi da ɗan gudawa, ko nono ya sha sai ya dawo. Mu gidan gandu muke zaune, ɓangarenmu daban amma ƙofa ɗaya, don haka yaro ba ya tari sai kowa ya ji. Ƙanwar mijina, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, ta taɓa zaman shagon kemis kafin a yi mata aure, shi ke nan tun daga lokacin ta zama likitar gidan. Ko ciwon kai Hajiya ta yi, ita ake kira. Ni na ce a kai shi asibiti, Allah ne shaidata na faɗa, har sau biyu. Ta ce amai ne kawai, haƙori ne, ta ɗauke shi a kafaɗa ta fita, ta dawo ta ce an yi masa allurar tsayar da amai. Ban bi ta ba saboda tukunya tana kan wuta, kuma in na bi ta cewa za a yi ban yarda da dangin miji ba.

Aman ya tsaya, wannan gaskiya ne. Amma da dare sai na ga wuyansa ya karkace gefe guda ya ƙi dawowa, idanunsa sun kafe sama, harshe ya fito, bayansa yana banƙarewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yana ji na. In na kira shi sai ya yi ƙoƙarin kuka, bai suma ba. Hajiya ta ce iska ce, wai na bar shi a tsakar gida da magariba. Aka kawo hayaƙi, aka fara tofi. Wata maƙwabciya ta ce sanƙarau ne. Ita kuwa wadda ta kai shi allurar tana tsaye ta harɗe hannu, ko uffan ba ta ce ba.

Ni na saɓa shi na fita ko mayafi ban yafa daidai ba, na tari adaidaita.

A asibiti likitar da muka samu mace ce. Tana ganinsa ta tambaya ko an ba shi maganin amai. Na ce allura. Ta sa aka kira ƙanwar mijina a waya, da ƙyar ta faɗi sunan, wai metokulofuramaid. Likitar ta ce shi ne. Aka yi masa wata allura mai warware wannan sanƙarewar, kuma ba a daɗe ba wuyan ya saki. Ta duba shi sosai don ta tabbatar ba sanƙarau ba ne, aka yi gwajin maleriya, babu. Ta yi mini bayani cewa wannan maganin yana taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kula da motsin jiki, kuma yara ƙanana sun fi manya saurin kamuwa da wannan murɗewar. Ta ce tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba wa yaron da bai kai shekara ɗaya ba kwata-kwata, waɗanda suka wuce shekara ma ba don amai da gudawa ake ba su ba. Nawa watansa goma sha ɗaya, Likita.

Sai na tambaye ta fenagan fa, domin shi ne Hajiya take ba jikokinta tun kafin a kawo ni gidan, in yaro yana amai ko yana rigima da dare. Ta ce shi ma kada in kuskura in ba yaron da bai kai shekara biyu ba, yana iya danne numfashi har yaro ya tafi a cikin barci. Ta ce ko ba wannan ba, yaron da aka sa wa barci ba zai sha ruwa ba, alhali ruwan ne maganinsa, kuma ba za ki iya bambance barcin magani da galabaitar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare ba. Da na faɗa wa Hajiya haka, sai ta ce ta raini tara da shi babu wanda ya mutu, wai yaushe aka haife ni. Ban ce komai ba. Ni ba mai mayar wa babba magana ba ce, kowa ya sani.

Washegari aman ya dawo, tunda allurar ta sake shi. A nan ne aka kawo maganin da nake son tambaya a kansa, ondansetiron. Kafin a ba shi sai da nas ta ɗora shi a sikeli, kilo 9. Likitar ta ce da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba, kuma ba a ba wa jaririn da bai kai wata shida ba. Na rubuta abin da ta faɗa a bayan katinsa: daga kilo 8 zuwa 15, miligiram 2, wanda ya haura 15 zuwa 30, miligiram 4, wanda ya wuce 30, miligiram 8. Na ruwan da suka ba mu, a jikin kwalbar an rubuta miligiram 4 a cikin mil 5, don haka nasa ya zama mil biyu da rabi, da sirinji aka zuba masa a gefen kumatu. Ta ce sau ɗaya ne. In ya amayar da shi kafin minti goma sha biyar a sake ba shi sau ɗaya, in ya zauna shi ke nan. Bayan kamar minti ashirin muka fara ruwan gishiri da sukari na leda, ƙaramin cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya ko biyu, ga nono a tsakani. Ta ce amfanin maganin kawai ya tsayar da aman na 'yan awanni yadda ruwan zai samu ya zauna a ciki, ba shi ne yake kashe cutar ba. Ya sha, ya riƙe, da yamma ya yi fitsari, ba a yi masa ƙarin ruwa ba. Aka haɗa mu da zink na kwana goma aka sallame mu. Gudawar ta ɗan ƙaru a ranar, amma dama ta ce mini maganin yana iya sa haka.

To ka ji, ni da na ceci yaro ni ce na zama mai laifi. Baban yara ya ce na tona wa ƙanwarsa asiri a gaban ma'aikata, na fita da dare ba izini. Shi lokacin yana Kwari bai dawo ba, wayarsa a kashe, wa zan tambaya? Ita kuwa har yau ba ta ce mini sannu ba. Cewa take yi allurar ba ta da laifi, jinin yaron ne ba shi da kyau, ya gado daga wajenmu.

Yanzu ga babbar, shekararta biyar, ta kamu da irin na ƙanenta. Ragowar kwalbar tana nan. Ƙanwar mijin nawa, wadda jiya-jiya ba ta san sunan maganin ba, yau ita ce take cewa a ba ta mil biyar safe da rana da dare har kwana uku, wai haka ake ba da kowane maganin ruwa. Na ce likita ta ce sau ɗaya. Ta ce likitocin asibiti rowar magani gare su. Ni dai na tuna likitar ta ce maimaita shi barkatai yana iya rikita bugun zuciya, musamman ga yaron da amai da gudawa suka riga suka zubar masa da gishirin jiki, kuma amai da ya ƙi tsayawa bayan an ba shi yana nufin a dawo a sake dubawa, ba a ƙara magani ba. Ta ce in na ga amai kore ko da jini, ko ciki ya kumbura, ko yaro ya daina fitsari, ko ya yi laushi ba ya iya sha, kada in tsaya neman kwalba.

Na manta ban faɗa ba, yarinyar jikinta da zafi tun shekaranjiya, kuma gwaggon tata ta riga ta fara ba ta maganin maleriya ba gwaji, irin mai ƙwaya rawaya. Ban san ko suna haɗuwa da wannan ba. Kuma nauyinta kilo 17 ne, amma awon da daɗewa, kafin azumi ne, yanzu ta rame. In ta sauka ƙasa da 15 ai mil biyu da rabi ne ke nan ba biyar ba, ko ba haka ba? Sannan ɗan yayata da yake karatun haɗa magunguna ya ce su a littafinsu miligiram 0.15 ne a kan kowane kilo, ya buga a waya ya ce nata ya kama miligiram biyu da rabi da ɗan ɗoriya, ba miligiram huɗu ba. To wanne ne daidai, nasa ko na bayan kati? Ni duk sun rikita ni, kuma in na yi kuskure ko na rabin mil ne, a gidan nan ba za a taɓa mantawa ba, alhali ita da ta kusa kashe mini ɗa ana ci gaba da kiranta a duba Hajiya.

Akwai kuma wani abu. A asibiti likitar ta tambaye ni ko a dangi akwai mai ciwon zuciya, ko wanda ya yanke jiki ya faɗi ya mutu yana matashi, domin irin waɗannan gidajen ana taka-tsantsan da ondansetiron. Na ce babu, don iyakar sanina ke nan. Sai da muka dawo nake ji a bakin wata tsohuwa da ta zo dubiya cewa wan baban yara a filin ƙwallo ya faɗi yana saurayi, ko shurawa bai yi ba. Shekara bakwai ina gidan nan ba wanda ya taɓa gaya mini, cewa suke yi ajali ne kawai. Da na ɗaga maganar, baban yara ya ce in ƙara ambaton ɗan'uwansa in gani. Shin wannan yana nufin ƙaramin ma bai kamata a ba shi ba tun farko? Akwai gwajin da ake yi wa yara a gane?

Likita, ruwan gishiri da sukarin ina ba ta a cokali, tana riƙe wani tana mayar da wani, ta yi fitsari da safe amma kaɗan. Ina so in kai ta asibiti a auna ta a yi mata gwaji, shi kuma ya ce ba inda za ni, ga magani a gida ga mai ba da shi. Mahaifiyata ta ce in haƙura in bi su a hankali. Yayana ya ce in kwaso yaran in taho gida, shi zai kai ta, in ya so a yi duk wadda za a yi. In na tafi za a ce yaji na yi a kan ƙanwar miji, in na zauna kuma ina tsoron in shiga wanka in fito in tarar an ɗura mata fenagan, don na ga kwalbarsa a kan firjin Hajiya.

Don Allah ka yi maganar nan a shirin wannan makon, ka faɗa da bakinka cewa allurar ce ta murɗe wuyan yaron ba iska ba, domin baban yara yana jin maganarka fiye da tawa. Kuma ka gaya mini, in na fita da yarinyar ba da izininsa ba a karo na biyu, ni ce na yi laifi?

Wassalam.
Taka mai sauraro, uwar yara biyu, daga Kano.