Wasiƙa kan laccarka ta adana wake

Assalamu alaikum aminina. Ya Maraɗi, ya iyali, ya ƙoƙari? Mu nan Zariya lafiya lau sai zafi. Na ga saƙonka cewa ƙungiyar manoma sun gayyace ka ka yi musu bayanin adana wake a buhun PICS, buhun nan mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, an ba ka minti 40 har da tambayoyi, kuma ka ce bayanin ka riga ka shirya shi. To madalla, amma ni lokacin tambayoyin nan ne nake jiye maka, don a nan taro ke kuɓuce wa mutum.

Ka nemi shugaban taron tun kafin ranar, ko da waya ce, kar ka bari sai kun zauna a kan teburi ana gwada lasifika. Ku raba lokacin: minti 25 naka, 15 na jama'a. Ka roƙe shi ya faɗi wannan tsarin da bakinsa lokacin da yake gabatar da kai, ya ce tambaya ɗaya kowa, a taƙaice, kuma a kan adana wake. In ya faɗa tun farko to duk wanda aka tsayar daga baya ba zai ce an ci mutuncinsa ba, doka ce ta hau kansa kamar kowa. Sannan in bayan azahar ne ku duba ƙarfe nawa ake la'asar a wajen, don da an kira salla taro ya tashi, ko saura tambaya nawa.

Maganar yaushe za a karɓi tambaya, ni dai shawarata kar ka bar duka sai ƙarshe. Kai abu za ka nuna da hannu, ledoji biyu na ciki da buhun saƙa na waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban, wanda bai gane ɗaurin nan ba duk abin da za ka faɗa bayansa ya wuce shi. Saboda haka da ka gama ɗaurin ka tsaya minti 3, tambayar ɗauri kawai, irin su "in leda ta huje fa" ko "za a iya sake amfani da buhun baɗi". Sauran su jira. Amma fa ka gaya wa shugaban za ka yi wannan tsayawar, in ba haka ba zai ɗauka ka gama ya buɗe fili gaba ɗaya.

Wasu shugabannin suna son tara tambaya uku uku sannan a amsa. Yana rage ɓata lokaci kuma yana ba ka damar haɗe masu kama da juna, sai dai dole biro da takarda na hannunka, don kafin na uku ya gama ka manta ta farko. Ɓangaren mata kuma a sa wani ya kai musu lasifika, ko ya zagaya ya rubuto tambayoyinsu, in ba haka ba mazan gaba ne za su cinye minti goma sha biyar ɗin kaf.

Sai masu fita daga layi, kuma wallahi za su zo. Ba duka ɗaya ba ne. Wanda ya tambayi ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhu, wannan kusa yake da maganarka, ka amsa, ka ce buhun nan ba ya buƙatarta tunda rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Wanda ya tashi ya ce taki ya yi tsada, ko yaushe za a ba su bashi, wannan ba naka ba ne, kuma kar ka soma amsawa don ka faranta masa, kana cewa uffan hannu goma za su tashi a kan taki, wake ya bi ruwa. Ku shirya da shugaban cewa shi zai tare irin wannan, ya ce an rubuta, za a kai wa shugabannin ƙungiya, kuma a rubuta ɗin da gaske a gaban mutane. Wanda ya kawo matsalar rumbunsa shi kaɗai ka ce ya same ka bayan taro, ka kuma tsaya ɗin.

Mai wuyar shi ne dattijon da zai ce "ni ba tambaya gare ni ba, ɗan ƙarin bayani ne", ya kama tarihi tun daga fari na 1973. Kai baƙo ne, kuma ɗan cikinsa, ba ka da bakin katse shi. Shugaban ne ya san shi, shi zai jira ya ja numfashi ya ce Allah ya saka da alheri Baba, ya kira na gaba. Shi ya sa mai yawo da lasifika kar ya sake ta a hannun kowa, ya riƙe wa mutum ya yi magana.

Ka kuma ba shugaban tambaya ɗaya ya ajiye a aljihu, misali yaya ake gane wake ya bushe sosai kafin a zuba, ko da za a buɗe fili a yi tsit.

Ka gaida madam da yara, in an gama ka kira ni in ji yadda aka kaya.

Naka,
amininka na Zariya