Amsa ga Shugaban Makaranta kan Lokacin Wasan Gem

“Malam, kai ka fi kowa kuka da wasan gem a taron iyaye da malamai. To, me kake so mu yi, mu hana shi a ɗakin kwamfuta gaba ɗaya, ko mu ware masa lokaci?”

Assalamu alaikum, Malam Shugaban Makaranta.

Ra'ayina shi ne a ware masa lokaci, kuma ina faɗar haka ne bayan na gwada hanin a gidana na ga inda ya kai mu. Ɗana, wanda ke aji biyu na ƙaramar sakandare a wurinku, ya kamu da Free Fire a bara. Da na ƙwace wayar, sai ya koma gidan gem na bayan layinmu, inda babu babba ko ɗaya da ke lura da abin da ake kunnawa. Ban farga ba sai ranar da na tashe shi sallar Asuba na tarar da wayar mahaifiyarsa a ƙarƙashin matashi, da sauran zafinta, alamar bai daɗe da ajiye ta ba. Daga baya ya amsa cewa kuɗin tararsa ma dayamon na cikin wasan yake saye da su.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne irin wasan ya fi yawan mintoci muhimmanci. Wasannin da ake yi ta intanet tare da baƙi an gina su ne yadda yaro ba zai iya tsayawa a tsakiya ba tare da ya yi asara ko ya kunyata abokan wasansa ba, ga kyautar da ake ba shi idan ya shiga kullum, ga kayan da ake tallata masa ya saya. Saboda haka ina roƙon kada makaranta ta amince da duk wasan da ke buƙatar intanet, ko yake da wurin hira da baƙo, ko ake sayen wani abu a cikinsa. A kuma duba alamar shekaru ta PEGI, wadda ke nuna 3, 7, 12, 16 ko 18, kada a wuce 12 a ƙaramar sakandare.

Amfanin kuwa na gan shi da idona. Wani ƙanena ya saka wa yaron Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta fitar a 2007 domin yara su haɗa nasu wasan, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba tare da data ba. Faɗin filin da ke cikinta ya tashi daga -240 zuwa 240, tsayinsa daga -180 zuwa 180. Yaron da ya sha faɗuwa a darasin lambobin ƙasa da sifiri, ranar da kyanwar da ke cikin manhajar ta ƙi komawa hagu sai da ya rubuta -10, ya juyo ya ce mini, “Baba, ashe wannan alamar baya take nufi.” Tux Typing ma yana koyar da saurin buga rubutu, abin da zai yi musu rana tunda jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta.

Game da lokaci, ina ba da shawarar minti arba'in, sau biyu a mako, bayan sallar Azahar, yadda za a tashi kafin lokacin Islamiyya. A zaunar da yara bibbiyu a kwamfuta guda, su yi musaya bayan minti ashirin, wanda ya sauka ya huta da idonsa ta hanyar duban nesa. Fuskar kowace kwamfuta ta kalli tsakiyar ɗaki, malami kuma ya riƙa zagayawa, domin malamin da ya zauna a bakin ƙofa yana duba tasa wayar bai kula da kowa ba. Ya sanar da su saura minti biyar, saboda yawancin rigimar da na yi da ɗana daga kashewar ba-zata ta taso. Ina kuma roƙon a bai wa 'yan mata rabonsu daidai, kada maza su mamaye kujerun.

Akwai yaran da wannan tsari ba zai wadatar ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka, alamominta kuwa su ne kasa tsayawa, fifita wasan a kan sauran al'amura, da ci gaba da shi duk da illar da ta bayyana, yawanci na tsawon wata goma sha biyu. Malami ba likita ba ne, amma idan ya ga yaro yana gyangyaɗi a darasin farko ko yana fusata duk lokacin da aka ce a tashi, ya kira iyayensa a keɓe, kada a tozarta shi a gaban aji.

A gwada wannan na zango ɗaya, sannan a kawo mana sakamakon yaran a taro na gaba mu duba tare. Ni kuma a shirye nake in zo duk ranar Laraba in taya malamin zagayawa.

Wassalam,
Mahaifin wani ɗalibi na aji biyu.